Turi da Danniya: Yadda Ruwa Ke Aiki a Kan Lanƙwasasshiyar Fuskar Madatsar Ruwa

Ruwan da ke kwance a bayan madatsa yana matsa duk abin da ya taɓa, kuma matsin nasa yana bin ƙa'idoji biyu da ba sa sauyawa. Ta farko, matsin yana ƙaruwa ne da zurfi. Kubik mita ɗaya na ruwa nauyinsa tan ɗaya ne, saboda haka a zurfin mita ɗaya kowane murabba'in mita yana ɗauke da tan ɗaya, a zurfin mita goma kuwa tan goma. Faɗin tafkin ba ya cikin wannan lissafi. Ruwan Tiga da ya malale nesa da ganin ido da ruwan rijiya mai ƙuncin baki, muddin zurfinsu ɗaya ne, matsinsu a ƙasa ɗaya ne. Simon Stevin, masanin lissafi ɗan garin Bruges, ya bayyana haka tun a shekarar 1586. A littattafan injiniyoyi ana rubuta ƙa'idar da p = ρgh, inda h ke nufin zurfi, ρg kuma nauyin kubik mita ɗaya na ruwa, wanda ya kai kiloniyutan 9.81, wato abin da a nan za a riƙa kira tan ɗaya.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ke kawo wahala idan fuskar bango ta lanƙwashe. Ruwan da ba ya motsi ba ya goga bango ta gefe. Kai tsaye yake dosar kowane gurbi, kamar yadda ake kafa ƙusa daidai a jikin katako. A miƙaƙƙen bango duk ƙusoshin nan sun dubi waje guda, don haka tara su abu ne mai sauƙi. A lanƙwasasshiyar fuska kuwa kowane taƙi da tasa alƙiblar: can ƙasa inda fuskar ta kusa kwantawa ruwan yana dannawa ne zuwa ƙasa, can sama inda ta miƙe tsaye yana turawa ne zuwa gaba, a tsakani kuma yana yin duka biyun. Ba a haɗa ƙarfin da ya dubi gabas da wanda ya dubi ƙasa kamar yadda ake haɗa kuɗi. Wanda ya ninka matsin da tsawon lanƙwasar ya ce ya sami jimilla, amsarsa za ta zarce gaskiya.

Mafitar da injiniyoyi suka dogara da ita ita ce a raba aikin ruwan gida biyu. Kashi ɗaya shi ne ƙarfin da ke tafiya a kwance, wanda ke neman ture madatsar zuwa gangaren kogi. A kira shi turi. Ɗaya kashin shi ne ƙarfin da ke tafiya a tsaye, wanda ke danna ta ƙasa ko ya ɗaga ta sama. Kowane ɗaya yana da hanyar lissafi mai sauƙin gaske, kuma ba a buƙatar bin lanƙwasar taƙi-taƙi.

Turi ba ruwansa da siffar fuskar. Idan aka haska fitilar mota daga nesa a kan tulu, inuwar da za ta faɗa a bangon da ke bayansa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da ciki ba ta da ƙusumbi. Haka turin ruwa yake: daidai yake da turin da zai sauka a kan inuwar fuskar, wato miƙaƙƙen bango mai tsayi da faɗi irin nata. Dalilin ba boyayye ba ne. A ƙaddara an yanka tafkin da wani allo a tsaye, daidai inda fuskar madatsar ta fara daga ƙasa. Tsakanin allon da madatsar akwai dunƙulen ruwa da ke zaune cik. Sauran tafkin yana tura shi ta wajen allon, amma bai gusa ba, wanda ke nuna madatsar tana mayar masa da turi daidai da wanda ya karɓa. Saboda haka F_H = ρghA, inda A ke nufin faɗin inuwar, h kuma zurfin tsakiyarta.

Wannan dunƙulen ruwan ne kuma ke ba da amsar kashi na biyu. Yana da nauyi, bai kuma nutse ba, kuma ruwan da ke gefensa ba zai iya riƙe shi ba tunda ruwa ba ya goga ta gefe. Abin da ke ƙarƙashinsa kaɗai ke ɗauke da shi, wato fuskar madatsar. Danniyar ruwa ke nan: nauyin duk ruwan da ke tsaye a bisa fuskar, daga jikinta har zuwa saman tafkin, F_V = ρgV, inda V ke nufin yawan wannan ruwan. Nauyin iskar da ke kan tafkin ba a sa shi a lissafi, domin iska tana matsa madatsar ta ɗaya gefen ma, su biyun sai su kashe juna.

Misali guda zai fi dogon bayani amfani. A ɗauki ƙaramar madatsar kankare wadda idan aka yanka ta aka dube ta daga gefe, fuskarta ta wajen ruwa rubu'in da'ira ce, kamar ɓarin ƙwarya da aka jingina: tana farawa a kwance daga ƙasan tafki, tana hawa tana miƙewa, har ta tsaya cak a sama. Daga cibiyar da'irar zuwa jikin fuskar mita 10 ne, cibiyar kuma tana daidai saman ruwa, don haka zurfin ruwan mita 10 ne. Siffa ce ta koyarwa, an zaɓe ta don lissafinta ya fito fili. Kamar yadda aka saba, ana yin lissafin ne a kan yanki mai tsawon mita ɗaya na madatsar, daga baya a ninka da tsawonta duka.

Inuwar fuskar bango ne mai tsayin mita 10 da faɗin mita ɗaya, wato murabba'in mita 10. Tsakiyarta tana zurfin mita 5. Turin ya zama 5 sau 10, tan 50, ko kiloniyutan 490.5. Wannan turi ba a tsakiyar bangon yake taruwa ba, domin matsin ƙasa ya fi na sama. Yana taruwa ne a sulusin tsayi daga ƙasa, mita 3.33 daga ƙasan tafki, ko mita 6.67 daga saman ruwa. Danniya kuma nauyin ruwan da ya cika rubu'in da'irar ce. Cikakkiyar da'ira irin wannan faɗinta murabba'in mita 314.2 ne, rubu'inta 78.5, saboda haka ruwan da ke kan fuskar kubik mita 78.5 ne, nauyinsa tan 78.5. Shi kuma yana taruwa ne a tsakiyar nauyin wannan ruwan, mita 4.24 daga layin da ya sauko daga cibiya zuwa ƙasa.

Abin lura a nan shi ne danniyar ta fi turin. Idan aka haɗa su ta hanyar da ake haɗa ɓangarori biyu na kusurwar magini, F = √(F_H² + F_V²), jimillar tana kaiwa tan 93, tana kuma karkata zuwa ƙasa da digiri 57 da rabi. Da an yi kuskuren da aka ambata, aka tara matsin duk tsawon lanƙwasar ba tare da kula da alƙibla ba, da tan 100 za a samu.

Da'ira tana da wata baiwa da ke ba mai lissafi damar kama kansa idan ya kauce. Duk layin da ya doshi jikin da'ira kai tsaye, ta cibiyarta yake bi. Tunda kowane ɗigon matsi ta cibiya yake bi, jimillarsu ma dole ta bi ta nan, wato ba za ta iya juya komai a kan cibiyar ba. A gwada: turi tan 50 sau tazararsa daga cibiya, mita 6.67, ya ba da 333. Danniya tan 78.5 sau mita 4.24, ita ma 333. Ɗaya na juyawa hagu, ɗaya dama, sun yi kunnen doki. Idan lambobin nan biyu ba su zo ɗaya ba, to an yi ɓatan lissafi a wani wuri, kuma wannan gwaji na minti ɗaya ya cancanci a riƙa yin sa kowane lokaci.

Kalmar da ta fi kowace muhimmanci a ƙa'idar danniya ita ce "har zuwa saman tafkin". A ce an yi damina mai ƙarfi, ruwa ya ƙaru da mita 2, yana jingine da miƙaƙƙen bangon da aka ɗora a kan lanƙwasar. Ruwan da ke cikin rubu'in da'irar bai sauya ba, amma yanzu akwai wani shimfiɗe a kansa mai kaurin mita 2 da faɗin mita 10, tan 20 ke nan, kuma fuskar ce ke ɗauke da shi. Danniyar ta zama tan 98.5. Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe, su lissafa ruwan da ke cikin lanƙwasar kaɗai su manta da na samansa. Turin duka madatsar kuwa ya zama 6 sau 12, tan 72. Ƙarin mita biyu kacal ya ɗaga turi da kashi 44 cikin ɗari, danniya kuwa da kashi 25 kawai. Turi yana bin zurfi sau zurfi, shi ya sa mitocin ƙarshe na ambaliya suka fi na farko haɗari nesa ba kusa ba.

Siffar fuskar, wadda ba ta taɓa turi, ita ce ke yanke yawan danniya. Da wannan rubu'in da'irar ya kumbura ne zuwa cikin ruwa kamar bayan ƙwarya da aka kife, da turin yana nan tan 50, amma ruwan da ke kansa zai zama abin da ya rage bayan an cire 78.5 daga 100, wato tan 21.5 kawai. Mai lissafi da bai zana hoton ya ja layi daga kowane gefen fuskar zuwa saman ruwa ba, yana iya ɗaukar wannan a madadin wancan, bambancinsu kuma tan 57 ne a kowace mita.

Akwai kuma yanayin da ruwan ke ƙarƙashin fuskar, ba a kanta ba, kamar inda bango ya sunkuyo kan tafki. A nan ba ruwa ko ɗigo a bisa fuskar, amma ƙa'idar ba ta rushe ba, juyawa kawai ta yi. Ana lissafa nauyin ruwan da zai cika gurbin da ke sama da fuskar har zuwa daidai saman tafkin, da a ce akwai shi, sannan a ce ƙarfin yana tafiya sama. Duk wanda ya taɓa danna ƙwarya marar komai cikin baho ya ji wannan ƙarfi a tafin hannunsa: ruwan yana mayar da ita da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da ta kora. Shi ne kuma ke riƙe masunta a kan gorarsu a Argungu. Ƙa'idar Arkimidis ta iyo da ƙa'idar danniya abu ɗaya ne aka duba ta fuska biyu. Idan fuska ta sunkuya a wani sashe ta kwanta a wani, sai a raba ta a daidai inda ta miƙe tsaye, a lissafa kowane sashe daban, a cire mai ɗagawa daga mai dannawa.

Amfanin duk wannan yana fitowa ne a tambayar ko madatsar za ta zauna ko za ta zame. Madatsar kankare mai dogaro da nauyinta tana zaune ne kamar buhun hatsi a kan daɓe: gwargwadon nauyinsa, gwargwadon wuyar jan sa. A ce madatsar misalin tana da bango mai kaurin mita 2 da tsayin mita 12 a bayan lanƙwasar, tushenta ya zama mita 12. Kankaren duka kubik mita 45.5 ne, kowane kubik mita kuma kusan tan 2.4, nauyinta ya kama tan 109. Ruwan da ke kanta ya ƙara mata tan 78.5 kyauta, abin da sai an zuba kusan kubik mita 33 na kankare kafin a same shi. Dabarar ke nan da madatsu masu ginshiƙai suke amfani da ita, inda ake kwantar da fuskar wajen ruwa don ruwan da kansa ya danne ginin. Tsakiyar madatsar Roseires da ke kan Shuɗin Nilu a Sudan, wadda aka kammala a 1966, irin wannan gini ne na ginshiƙan kankare.

Sai dai akwai wani ƙarfi na tsaye da ba ya bayyana a hoton fuskar, kuma ya sha cin madatsu. Dutsen da aka kafa gini a kansa yana da tsage-tsage, ruwa kuma yana shiga cikinsu da matsinsa. A ƙarƙashin tushe wannan matsi sama yake turawa. Idan ba a yi masa magudana ba, ana ɗaukar cewa yana farawa da cikakken matsin tafki a bakin tushe na wajen ruwa, ya yi ta raguwa har ya ƙare a ɗaya bakin. A madatsar misalin, matsakaicinsa tan 5 ne a kan mita 12, wato tan 60 na ɗagawa. Abin da ke danna tushe ya koma 109 da 78.5 a cire 60, tan 127.5. Idan aka ɗauka cewa cijewar kankare da dutse tana riƙe kashi 7 cikin 10 na wannan nauyi, madatsar za ta iya jure turin tan 89, alhali tan 50 ke kanta. Da ba a sami nauyin ruwan saman ba, tan 34 kawai za ta jure, kuma da ta tafi. Lokacin ambaliyar mita 12 kuwa ɗagawar ta zama tan 72, juriyar ta zama kusan tan 95, turin kuma 72. Ratar da ta kusa ninki biyu ta sauko zuwa ɗaya da sulusi.

Da asarar rayuka aka koyi wannan darasi. Bayan madatsar Bouzey ta ƙasar Faransa ta fashe a 1895, injiniya Maurice Lévy ya nuna haɗarin ruwan da ke shiga tsagar gini yana ɗaga shi. A ranar 2 ga Disamba 1959 madatsar Malpasset, ita ma a Faransa, ta rushe ta hallaka mutane fiye da 400, binciken da ya biyo baya kuma ya ɗora laifin a kan dutsen da ke ƙarƙashin gefenta na hagu, wanda matsin ruwa ya taru a cikinsa har ya ture shi. Shi ya sa manyan madatsun kankare ke da lungu a cikinsu, daga inda ake huda ramuka zuwa cikin dutse don ruwan ya sami mafita, a kuma dasa na'urorin auna matsinsa. Alamar da ma'aikata ke tsoro ita ce ruwan magudanar ya ragu alhali ma'aunin matsi yana hawa, domin hakan na nufin ramukan sun toshe. Laka ma tana shiga lissafi idan ta taru a gindin fuskar, saboda ta fi ruwa nauyi, tana ƙara turi da danniya duka.

Ya kamata a bambanta wannan lanƙwasa da wata da aka fi gani a hotuna. Madatsa kamar Kariba, mai tsayin mita 128 a kan kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, idan aka dube ta daga sama tana lanƙwashe ne kamar baka, tana miƙa turin ruwa ga duwatsun gefen kwazazzabo. Lanƙwasar da ake gani daga sama ita kaɗai ba ta haifar da danniya. Fuskar da ta tsaya cak ba ruwa a kanta ko da ta zagaye. Ƙa'idar inuwa tana aiki a kanta yadda take. Sai idan fuskar ta kuma lanƙwashe daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda ta Kariba ta yi, sannan ƙarfin tsaye ke shigowa.

Wurin da baiwar da'ira ta fi yin aiki shi ne ƙofofin sakin ruwa. Irin ƙofar da Jeremiah Tainter ya yi wa rajista a Amurka a 1886, wadda ake gani a manyan madatsu da yawa a duniya, farantin ƙarfe ne mai siffar yankin da'ira, bayansa ya dubi ruwa, hannuwan ƙarfe kuma sun haɗa shi da wata babbar ƙusa da aka kafa a daidai cibiyar da'irar. Da rubu'in da'irar misalin ƙofa ce irin wannan, ruwan yana ta waje, da turin tan 50 ne, ɗagawar tan 78.5, jimillar tan 93 kuma za ta wuce ta cikin ƙusar. Ruwan ba ya iya buɗe ƙofar, ba ya kuma hana a buɗe ta. Injin ɗagawa nauyin ƙarfen kaɗai yake fama da shi, sai cijewar ƙusa da ta robar gefe.

Iyakar dabarar tana cikin wannan cijewa. Duk tan ɗin da ruwa ya kawo a kan ƙusar yake ƙarewa, kuma idan ta yi tsatsa ko giris ya ƙare mata, juyawar da lissafi ya ce babu ita sai ta dawo ta lanƙwasa hannuwan ƙofar. Haka ya faru a madatsar Folsom da ke jihar Kalifoniya a ranar 17 ga Yuli 1995, lokacin da ake ɗaga ƙofa ta uku: ɗaya daga cikin tokaran hannuwanta ya tsinke, ƙofar ta karye, kusan kashi 40 cikin ɗari na ruwan tafkin ya zube kafin a iya toshe gurbin. Ba a rasa rai ba. Bincike ya gano cewa tsatsar da ta ci ƙusar ta ƙara cijewarta a hankali cikin shekaru, kuma ba a sa wannan cijewa a lissafin ƙofar ba tun lokacin da aka zana ta.